An fizge laftop ɗin ofis a gosulon Oshodi: a faɗa yanzu ko a bari sai Litinin?

Sadiƙu Agege

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema cikin gaggawa. Ƙanena Nura yana aiki a sashen kuɗi na wani kamfanin manyan motoci a Apapa da ke Legas. Jiya Juma'a wajen ƙarfe bakwai na yamma yana cikin danfo, gosulo ya riƙe su a Oshodi, wani yaro ya ziro hannu ta taga ya fizge jakarsa ya tsallaka titi. Laftop ɗin ofis na ciki. Wayarsa dai tana aljihu, ba a taɓa ta ba. Bai faɗa wa kowa a wurin aiki ba tukuna. Shi ra'ayinsa yau Asabar mu shiga kasuwar kwamfutoci ta Computer Village mu zaga ko Allah zai sa a gan ta, in ba a dace ba ranar Litinin ya je ya yi wa manajansa bayani baki da baki. Yana tsoron in ya aika saƙo a ce sakaci ne. Kuma ya ce laftop ɗin tana da kalmar sirri, ba mai iya buɗewa. Me kuka gani?

Kabiru Mile 12

Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Ku nemo lambar IMEI ku kai wa 'yan sanda, haka aka gano wayar maƙwabcina.

Alhaji Ɗanlami Otigba

Kabiru, laftop ake magana ba waya ba. Ita lambar siriyal gare ta, tana manne a ƙasanta ko a jikin kwalinta. Sadiƙu, shagona a layin Otigba na Computer Village yake, ina gaya maka kada ku wahalar da kanku da yawo. Kayan da aka fizga jiya da dare ba za ka gan shi a kan tebur yau da safe ba. Kuma ku kwantar da hankalinku, waɗannan yaran ba ruwansu da abin da ke ciki. Kuɗi suke so. Za a goge ta a sa sabon Windows, ko a farke ta a sayar da allo daban, batir daban. Maganar ofis kuwa, a ganina ya bari sai Litinin ya je da takardar 'yan sanda a hannu, ya fi mutunci.

Injiniya Bashir

Alhaji, a kan yawon kasuwa na yarda da kai. A kan jiran Litinin ban yarda ba, da girmamawa.

Sadiƙu, ina kula da kwamfutocin wani kamfani ne a Victoria Island, irin wannan kiran ni yake zuwa wa. Nura ya kira manajansa yanzu, ya kuma kira wanda ke kula da kwamfutoci a wurinsu, sannan ya bi da saƙo a rubuce. Dalili kuwa, akwai abubuwan da mu kaɗai ke iya yi daga ofis: mu canza kalmar sirrinsa, mu fitar da laftop ɗin daga imel da duk inda take a shige, mu toshe mata hanyar shiga sabar kamfani, in kuma tana ƙarƙashin manhaja irin su Intune mu tura mata umarnin ta goge kanta. Wannan umarnin ba ya aiki sai ta hau intanet. Wato in ɓarawon ya kunna ta yau ya haɗa ta da wayarsa don ya gwada, dole umarnin ya riga ya kasance yana jiranta. In sai Litinin aka tura, ta yiwu an riga an kunna an kashe, ba za ta sake hawa da Windows ɗinmu ba har abada.

Maganar kalmar sirri kuma, ka gaya masa ba ita ce ke tsare fayiloli ba. Kalmar shiga Windows tana hana mutum shiga ta fuskar allo ne kawai. In ba a kulle had-dis ɗin kansa ba, sai a cire shi a jona a wata kwamfuta, ko a tayar da laftop ɗin da filashi, a ga komai a shimfiɗe. Yaron shagon Alhaji ma zai iya. Abin da ke hana haka shi ne BitLocker, tsarin Windows da ke kulle had-dis ɗin kansa, ko makamancinsa. Ka tambaye shi ko ya san an kunna.

Sadiƙu Agege

Na tambaye shi. Ya ce bai sani ba, haka aka ba shi ita. Akwai yadda zai duba?

Injiniya Bashir

Da tana hannunsa, wannan zai rubuta a Command Prompt da izinin admin:

```
manage-bde -status
```

sai ya duba ko ya ga `Protection On`. Yanzu da ba ta nan, mutanen sashen kwamfutarsu ne za su duba. In sun kunna, za a samu mabuɗin ceto mai lamba 48 a ajiye a wurinsu da sunan wannan laftop ɗin, kuma za su ga ranar ƙarshe da ta yi magana da tsarinsu da halin da take ciki. Shi dai ya rubuta a saƙon cewa bai sani ba. Kada ya yi zato ya ce an kulle.

Sai tambaya ta biyu: kashe ta ya yi, ko rufe murfi kawai ya yi ya jefa a jaka?

Sadiƙu Agege

Rufe murfi ya yi. Ya ce kullum haka yake yi saboda ta daɗe kafin ta tashi.

Injiniya Bashir

To barci take, ba a kashe take ba. Wannan ma ya rubuta. Yawanci in an ɗaga murfi za ta nemi kalmar sirri, amma na ga waɗanda aka saita ba sa nema, ka ɗaga kawai ka tarar da Excel a buɗe inda mai ita ya tsaya. Shi ya san tasa. In tana nema, ya faɗa. In ba ta nema, BitLocker ma bai amfana komai ba muddin batir bai mutu ba, saboda a buɗe take.

Alhaji Ɗanlami Otigba

Injiniya kana tsorata yaro. Shekara nawa ina kasuwar nan, ban taɓa ganin ɓarawon gosulo ya zauna karanta Excel ba.

Injiniya Bashir

Shi ba zai karanta ba, Alhaji, na yarda. Amma hannu nawa take bi kafin ta iso wurin mai saye na ƙarshe? Kai ka fi ni sanin cewa had-dis ɗin da aka cire ana sayar da shi a haka, ba kowa ke goge shi ba. Wanda ya goge ma sau da yawa gogewar sama-sama ce, a kan tsohon had-dis mai faifai ana iya dawo da fayilolin da manhajar kyauta. Ni ba cewa nake lallai za a karanta ba. Cewa nake kamfani ba zai iya rantsewa ba a karanta ba sai in an kulle.

Barista Hauwa

Salam. Ba wanda ya tambayi abin da ya fi damuna. Malam Sadiƙu, me ke cikin laftop ɗin? Ka ce sashen kuɗi yake. Albashi yake haɗawa?

Sadiƙu Agege

Eh Barista. Ya ce akwai takardar albashin direbobi da kwandastoci, mutum 140 da ɗoriya. Suna, lambar waya, lambar asusun banki, NIN, wasu har da BVN da ranar haihuwa. Akwai kuma hotunan lasisin tuƙi da fom ɗin masu tsaya musu. Amma ya ce duk suna OneDrive, ma'ajiyar kamfani da ke intanet, ba abin da ya ɓata, ranar Litinin zai iya ci gaba da aiki a wata kwamfutar.

Barista Hauwa

To ai nan gizo ke saƙa. Shi yana tunanin ko aiki ya ɓata, doka kuma tana tambayar ko bayanan mutane sun faɗa hannun da bai kamata ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, sashe na 40, ta ɗora wa kamfani cewa in aka samu irin wannan ɓaraka kuma akwai yiwuwar ta cutar da masu bayanan, ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 daga lokacin da ya sani. In haɗarin babba ne, su ma direbobin sai an sanar da su ba tare da jinkiri ba, a gaya musu abin da za su yi su kare kansu.

Ku duba abin da ke cikin takardar nan. Mai suna da lambar waya da bankin mutum da BVN da ranar haihuwarsa, kira ɗaya zai yi ya ce daga banki ne, ya karanto masa duk waɗannan daidai, sannan ya ce karanto min lambar da aka turo maka yanzu. Direban tirela da ke kan hanyar Ibadan a gajiye, ya ji an faɗi BVN ɗinsa ba kuskure, me zai sa ya yi shakka?

Kabiru Mile 12

Kenan daga jiya ƙarfe bakwai, Litinin ƙarfe bakwai na yamma awa 72 ta cika. In ya faɗa Litinin da safe ai yana cikin lokaci.

Barista Hauwa

A'a Kabiru, ka haɗa abu biyu. Awa 72 ɗin ba ta Nura ba ce, ta kamfani ce zuwa ga hukuma. Shi abin da ke kansa shi ne ƙa'idar wurin aikinsa, wadda galibi take cewa nan take. Lissafin kamfani kuma yana farawa ne daga sanda ya sani. Sai dai ni ba zan so in tsaya gaban hukuma ina bayanin cewa ma'aikacinmu ya sani tun Juma'a amma kamfani bai sani ba sai Litinin. Ana iya yin wannan gardamar, amma ba mai daɗi ba ce, kuma in kamfani ya sha kunya a kan Nura zai huce.

Maman Ilham

Ni dai tsoron yaron na gane shi. Mijina an taɓa fasa gilashin motarsa a kan gadar Third Mainland aka ɗauke laftop ɗin ofishinsa, ya faɗa a daren, amma duk da haka sai da suka yanke kuɗinta daga albashinsa wata shida. To ina amfanin gaskiyar? Wallahi mutanen nan ba tausayi. Ga gilashi ma shi ya gyara da kuɗinsa.

Barista Hauwa

Allah sarki, Maman Ilham. Yanke albashi magana ce ta daban, ya danganta da abin da ke cikin takardar ɗaukar aiki da kuma ko kayan na da inshora, ba zan yanke hukunci ban gani ba. Amma jinkiri ba ya rage kuɗin laftop ko kwabo. Ƙara masa laifi na biyu kawai yake yi, wanda ya fi na farko saurin korar mutum.

Injiniya Bashir

Bari in koma kan OneDrive ɗin nan, don mutane da yawa na ruɗewa a nan. Kasancewar fayil a OneDrive ba ya nufin babu shi a laftop. Duk wanda ya buɗe kwanan nan, kwafinsa ya sauka a had-dis. Haka Outlook irin na da, yana ajiye kwafin imel a cikin kwamfutar, galibi na shekara guda, da duk abin da aka liƙa a ciki. Sai `Downloads`, wanda ba mai share shi. Don haka in ya zo rubuta abin da ke ciki, kada ya tsaya kan abin da ya ajiye da gangan. Ya zauna ya tuna abin da ya buɗe da abin da aka turo masa.

Sadiƙu, tambaye shi waɗannan kuma. Chrome na ajiye masa kalmomin sirri? WhatsApp ɗinsa na haɗe da laftop ɗin? Kuma ban da laftop me ke cikin jakar? Token ɗin banki, katin shiga ofis, littafin da yake rubuce-rubuce, filashi?

Sadiƙu Agege

Chrome eh, har da Gmail ɗinsa da shafin fansho na kamfani. WhatsApp na haɗe. Token yana ofis a durowa, alhamdulillah. Katin ofis na cikin jakar. Da na ce filashi sai ya yi shiru, daga baya ya ce akwai wata ƙarama da ya kwafi takardar albashin watan jiya a ciki don ya kai a buga masa ranar da firintar ofis ta lalace. Yana roƙona kada a sa wannan a saƙon, wai an hana su amfani da filashi.

Injiniya Bashir

Ita ce ma farkon abin da zai sa. Ba a ɓoye wa mai yi maka wanka cibiya. Ka ga, in aka duba aka ga BitLocker a kunne, sashenmu zai rubuta cewa an yi asarar na'ura amma bayanai a kulle suke, a rufe magana, ba wanda zai sanar da direbobi. Alhali takardar tana yawo a filashin da ba kulli ko ɗaya, duk wanda ya soka ta a kwamfuta ya gani. Ranar da aka kwashe wa wani direba kuɗi aka bi sawu, abin da za a tuhume shi da shi ya wuce amfani da filashi.

Yanzu a wayarsa ya yi waɗannan kafin komai: WhatsApp, `Linked devices`, ya fitar da laftop ɗin. Asusun Google, ɓangaren `Security`, ya fitar da ita daga jerin na'urori sannan ya canza kalmar sirri. Ya rubuta ƙarfe nawa ya yi kowanne. Abu ɗaya da ya kamata ya sani: canza kalmar sirrin ofis ba ya canza wadda ke buɗe laftop ɗin da aka sace muddin ba ta hau intanet ba, tsohuwar za ta ci gaba da karɓa. Saboda haka in tsohuwar irin su sunansa da shekarar haihuwa ce, ko yana amfani da ita a wani wurin, ya faɗa.

Ga yadda zan so saƙon ya zo min in ni ne. Ya juya shi zuwa harshen da suke aiki da shi:

Ranar Juma'a wajen 7:00 na yamma an fizge jakata a cikin danfo a Oshodi, hanyar Agege. A ciki akwai laftop ɗin kamfani da aka ba ni, da katin shiga ofis, da filashi guda. Laftop ɗin a barci take, ba a kashe ba, tana neman kalmar sirri in an buɗe murfi. Ban sani ba ko an kunna BitLocker. A cikinta akwai takardar albashin direbobi da kwandastoci kimanin 140 mai ɗauke da suna, waya, asusun banki, NIN, wasu da BVN da ranar haihuwa, da hotunan lasisi da fom ɗin masu tsaya musu, da imel ɗina na Outlook. Chrome na ajiye da kalmar shiga shafin fansho. Filashin na ɗauke da kwafin albashin watan jiya, ba a kulle take ba. Token ɗin banki ba ya ciki. Yau Asabar da ƙarfe kaza na fitar da laftop ɗin daga WhatsApp da Google na canza kalmar sirri. Ban je wurin 'yan sanda ba tukuna, ina buƙatar lambar siriyal daga wurinku. In na tuna wani abu zan ƙara. Ga lambata.

Ba sai ya cika shi da ban haƙuri ba, wannan ya bari sai sun haɗu.

Alhaji Ɗanlami Otigba

To takardar 'yan sandan fa? Ni har yanzu ina ganin saƙo ba takarda kamar labari ne. Manaja zai iya cewa sayarwa ya yi.

Barista Hauwa

Za a yi ta, Alhaji, amma a bayan saƙon. Ya je ofishin 'yan sandan da ke kula da yankin da abin ya faru, ya ba da rahoto, ya karɓi takardar shaidar rahoton. Wasu kamfanonin inshora kan nemi takardar rantsuwa daga kotu ma, ita kuwa sai ranar aiki. Kuma ka lura, lambar siriyal ɗin da za a rubuta a takardar a wurin kamfani take, tunda kwalin ba a hannunsa yake ba. Ko ta nan ma sai ya kira su tukuna. Mai sayarwa da gangan ba shi ne zai aiko saƙo ran Asabar da safe yana lissafa filashin da ba wanda ya san da ita ba.

Malam Yusuf Idi-Araba

Ni tambayata daban. In aka ce a sanar da direbobin nan, yawancinsu 'yan uwanmu ne daga gida, wasu ba sa karanta imel, wasu suna hanyar Kano yanzu haka. Wa zai gaya musu, da wane harshe? Nura ya tura a guruf ɗinsu na WhatsApp kawai mana, ya fi sauri.

Barista Hauwa

Kada ya yi da kansa. Sanarwar ta kamfani ce, su za su tsara abin da za a faɗa. In ya riga su, gobe za a wayi gari direbobi sun cika ƙofar ofis ana cewa an sace albashi. Amma tambayarka tana kan hanya, Malam Yusuf. Doka ta ce a yi sanarwar da magana bayyananna wadda mutum zai gane, imel da Turanci ga wanda ba ya buɗe imel kuwa bai cika wannan ba a ganina. Saƙon murya da Hausa da Yarbanci zai fi.

Malam Yusuf Idi-Araba

In kuma kamfanin ya ƙi sanar da kowa don gudun surutu fa? Ya zuba ido a cuci mutane?

Injiniya Bashir

Wannan ita ce mai wuyar. Ni zan ce ya tabbatar saƙonsa na rubuce ya ajiye kwafi, ya kuma tambayi wanda aka naɗa kan kare bayanai a kamfanin, in suna da shi, me aka yanke. Bayan haka Barista ta fi ni sani.

Sadiƙu Agege

Ga inda ake ciki. Ya kira manajan bai ɗauka ba, sai ya tura saƙon ta imel daga waya da kuma WhatsApp da ƙarfe 11:20, har da maganar filashin, bayan mun ɗan yi ja-in-ja. Mutumin sashen kwamfuta ya kira shi. Ya ce BitLocker a kunne yake, laftop ɗin kuma rabonta da hawa tsarinsu tun Juma'a da la'asar. Sun canza kalmar sirri, sun tura umarnin gogewa, har yanzu yana nuna bai isa ba. Katin ofis sai masu gadi sun soke shi, an gaya musu. Ya turo lambar siriyal, yanzu za mu wuce wurin 'yan sanda. Maganar filashi ya ce ta fi ƙarfinsa, ya tura wa lauyan kamfani. Manajan ya amsa da kalma biyu kawai, wai su haɗu Litinin.

Injiniya Bashir

Madalla. Ka ce masa ya tuna musu shafin fansho, shi ba ya cikin abin da canza kalmar ofis ke rufewa, daban ake canza shi. Kuma kada su cire laftop ɗin daga tsarinsu tukuna, in suka cire umarnin gogewar ba shi da inda zai sauka. In ya zauna bai isa ba har mako biyu ko uku, mai yiwuwa an riga an sa mata wani Windows ɗin, wanda da BitLocker a kunne ba abin damuwa ba ne.

Alhaji Ɗanlami Otigba

Turo min samfurinta da siriyal ɗin ta akwatin sirri in ba yaran layinmu su sa ido. Ban yi alkawari ba. Filashin kuwa kada ma ku sa rai, irinsu a tire ake zuba su.

Maman Ilham

Barista, in suka ce za su yanke masa albashi ranar Litinin, ya sa hannu a takardar ko ya ce sai ya yi shawara?

Barista Hauwa

Ya karɓi kwafi ya ce zai karanta ya dawo da ita. Malam Sadiƙu, ka sa ya nemo takardar ɗaukarsa aiki da wadda ya sa wa hannu ranar da aka ba shi laftop ɗin, ka ɗauki hotonsu ka turo min kafin Litinin ɗin.